Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Kamfanonin Dillancin Kaya: Kada a Miƙa wa Sabon Mai Sito Makulli Ranar Litinin

Zuwa ga Alhazai da Hajiyoyi masu kamfanonin dillancin kayan masarufi, da manajojin da ke riƙe musu harka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda jami'an kula da ma'aikata ne, da akantoci, da masu binciken sito. Maganarmu a kan makon farko na sabon ma'aikaci ce, kuma mun zaɓi mai kula da sito domin shi ne wanda kuke ɗora wa dukiya mafi yawa da shiri mafi ƙanƙanta. Abin da aka saba shi ne ya zo ranar Litinin da safe, manaja ya gaisa da shi a tsaye, a kira yaro a ce "kai shi sito", kafin azahar makulli na aljihunsa. Bayan wata guda a yi ƙidaya a ga kaya sun yi giɓi, a rasa wanda za a kama: tsohon mai sito ya ce ya bar kaya cif, sabon ya ce haka ya tarar. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, kuma babu takarda ko ɗaya da za ta raba gardamar. Roƙonmu shi ne ku rubuta tsarin makon farko a takarda guda, ku ba mutum ɗaya alhakin cika ta, makulli kuma ya zo kusa da ƙarshenta.

Aikin yana farawa tun kafin ya zo. Ranar Alhamis ko Juma'ar da ta gabata ya kamata a ce an buga takardar ɗaukarsa aiki, an buɗe masa sunan shiga manhajar lissafin kaya, an tanadi wayar aiki, an sayo sababbin kwaɗuna, an kuma tsayar da ranar ƙidaya tare da tsohon mai sito. Wannan na ƙarshe shi ne yake yawan lalacewa. Idan aka sallami tsohon ranar Asabar aka biya shi haƙƙinsa duka, da wuya a sake ganinsa ranar Laraba. A tsara ranar barinsa aiki ta haɗu da makon zuwan sabon, ko da na kwana uku ne. Idan kuma kuna karɓar mai tsaya masa, a je a ga mutumin ido da ido kafin Litinin, a tabbatar ya san abin da ya sa wa hannu. Takardar tsayawa da aka ba yaro ya kai gida ya dawo da ita cike ba ta da wani amfani ranar da aka neme ta.

Safiyar Litinin ta gabatarwa ce, kuma gabatarwa ba zagayen gaisuwa ba ne kawai. Manaja da kansa zai riƙe shi ya kai shi wurin akanta, da kashiya, da masu sayarwa, da direbobi, da shugaban 'yan dako, da maigadi na rana da na dare. A kowane wuri a faɗi abu biyu a gaban kowa: abin da wannan mutumin zai riƙa kawo masa, da abin da zai riƙa karɓa daga gare shi. Kashiya ce ke buga hatimin "an biya". Direba yana karɓar kaya ne bayan ya sa hannu. Maigadi yana duba takardar fita a bakin ƙofa. 'Yan dako kuwa, kada a raina gabatarwarsu. Su ne suka san inda rufi ke yoyo da kwanar da ɓera ke shiga, kuma idan ba su ji daga bakin manaja cewa wannan ne mai sito ba, za su ci gaba da bin umarnin duk wanda ya fi su daɗewa a gidan.

Akwai tambaya ɗaya da dole a amsa masa a ranar, a rubuce: wa ke da ikon cewa a fitar da kaya? A yawancin kamfanoninmu na iyali, ƙanin Alhaji yana zuwa, ɗan Alhaji yana aiko direba, wani tsohon abokin ciniki yana kira ya ce "na yi magana da maigida". Sabon ma'aikaci mai kunya ba zai iya ce wa ɗan maigida a'a ba, sai in maigidan ne ya ba shi wannan ikon. Ranku ya daɗe, ku faɗa masa da bakinku, a gaban 'ya'yanku da ƙannenku, cewa ko ku kuka kira ta waya sai takarda ta biyo baya kafin katan ɗaya ya fita. A ba shi sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda da sa hannunsu, tare da samfurin sa hannun kowanne, ya liƙa a bangon teburinsa. A kuma haɗa shi da wani tsohon ma'aikaci guda da zai riƙa tambaya ƙananan abubuwa: inda ake salla, lokacin da ake rufewa ranar Juma'a, wanda ake kira idan janareto ya mutu.

Takardu a gama su da yammacin Litinin ɗin. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ku wata uku ku ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa, wato irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin sanarwar barin aiki. Wata ukun iyaka ce, babu dalilin jiran ta. A ba shi kwafi biyu ya karanta a natse, ya sa hannu, ya riƙe ɗaya. A karɓi lambar asusunsa na banki mai lamba 10, a duba cewa sunan da ya fito shi ne sunan da ke takardar ɗaukar aiki, domin albashin farko yakan maƙale ne a kan wannan, ko kuma a tarar asusun na yayansa ne. A karɓi lambar NIN mai lamba 11, da sunan wanda za a kira idan wani abu ya same shi. Idan kamfaninku yana cikin tsarin fansho, a tambaye shi ko yana da asusu daga wurin aikinsa na baya. In yana da shi, lambar da sunan kamfanin fanshon kawai ake buƙata, ba a buɗe na biyu. Dokar fansho ta 2014 ta sa ku zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, shi kuma a cire masa kashi 8, a tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. A faɗa masa wannan tun yanzu, kada ya ga albashi ya ragu a ƙarshen wata ya zaci an zalunce shi. Takardun shaidar karatunsa a duba na asali, a yi kwafi, a mayar masa da abinsa. Fayil ɗin kuma ya kwana a kabad mai makulli, ba a kan teburin da kowa ke ajiye kofin shayi ba.

Yanzu sai maganar shiga kwamfuta, inda muke ganin sakaci mafi yawa. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ga duk ofis, an ma rubuta ta a takarda an liƙa a jikin allon kwamfutar. Da irin wannan tsari, ranar da aka ga an rage katan 30 a lissafi da ƙarfe tara na dare, manhajar za ta nuna sunan da mutum shida ke amfani da shi. Ku buɗe wa sabon mai sito sunansa na kansa. Kalmar sirrin farko ta wucin gadi ce, ya canza ta da hannunsa a zaman farko, kuma ko manaja bai kamata ya san sabuwar ba. Idan ya manta, mai kula da kwamfuta ya sake masa wata, ba a ara masa ta wani.

Ikon da za a ba sunan nasa ya tsaya daidai aikinsa. Ya iya shigar da kayan da suka zo, ya iya rubuta waɗanda suka fita, ya iya ganin abin da ya rage. Kada ya iya canza farashi, ko goge abin da aka riga aka shigar, ko mayar da kwanan wata baya, ko gyara adadin kaya domin ya dace da abin da ke ƙasa. Wannan gyaran na akanta ne da amincewar manaja. Dalili a bayyane yake: wanda ke riƙe da kaya a hannu, idan kuma shi ke da ikon gyara lissafinsu, babu wani bincike da zai kama kuskurensa, balle gangancinsa. Ba zargi ba ne, kuma yana da kyau a gaya masa haka, domin shi ma kariya ce gare shi. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Ranar Talata a zauna da shi, ya shigar da kaya na gwaji, sannan ya yi ƙoƙarin goge su. Idan suka gogu, an ba shi iko fiye da ƙima, a gyara kafin ya tashi daga kujerar.

Kamar yadda ake buɗe wa sabon, haka ake rufe wa tsohon, a ranar da ya sa hannu a takardar miƙa aiki. A dakatar da sunansa, kada a goge shi, domin gogewa tana iya tafiya da tarihin abin da ya shigar, ku kuma za ku buƙaci tarihin. A cire shi daga zauren WhatsApp na direbobi da na masu sayarwa, a sa sabon. Layin wayar da direbobi da abokan ciniki suka sani ya zama na kamfani ne, kuma lambar tabbatarwa ta imel ko ta manhaja ta riƙa zuwa kansa. Sau da yawa sai bayan tsohon ma'aikaci ya koma garinsu ake gano cewa lambar shiga tana zuwa wayarsa ta kansa.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne a rubuta shi da lambarsa da halin da yake ciki. Waya: a danna *#06# a kwafi lambar IMEI mai lamba 15, a rubuta ko gilashin ya tsage, ko an haɗa da caja. Kwamfuta: lambar da ke ƙarƙashinta. Sai hatimin sito, da kalkuleta, da tocila mai caji, da takalmin aiki mai ƙarfe a baki, da safar hannu. Littafin takardun fitar da kaya a ƙirga shafukansa a gabansa, a rubuta lambar da ya fara daga ita da ta ƙarshe, domin shafi guda da aka yage daga tsakiya ya isa a fitar da mota cike. Sikeli a gwada shi da abin da aka san nauyinsa. A kai shi gaban tukunyar kashe gobara ya ga ko allurarta na kan kore, ya riƙe ta, a nuna masa yadda ake zare fil a nufi gindin wuta. A nuna masa inda ake kashe wutar lantarkin sito gaba ɗaya. Duka wannan bai fi sa'a ɗaya ba, ya sa hannu, mai ba shi ma ya sa.

Talata ya wuni yana kallo. Ya tsaya kusa da tsohon mai sito daga buɗewa zuwa rufewa, ya bi takarda guda daga teburin mai sayarwa, zuwa kashiya, zuwa sito, zuwa bakin ƙofa, ya ga inda kowane kwafi yake kwana.

Laraba ce ranar ƙidaya, kuma ita ce zuciyar makon. A sanar da abokan ciniki tun da wuri cewa ba shiga ba fita har a gama, ko da rabin yini ne. Ƙidayar da ake yi mota na lodi a gefe ɓata lokaci ce. Mutum uku za su shiga: tsohon mai sito, da sabon, da akanta ko wakilinsa. Takardar da za a ba su ta ƙunshi sunayen kaya kawai, ba tare da adadin da ke kwamfuta ba, domin wanda ya san ana neman 420 idonsa 420 zai gani. Sai an gama a kwatanta.

Ga misalin yadda abin ke kasancewa. A ce kwamfuta ta nuna katan 420 na taliya, irin mai ƙulli 20 a ciki. A ƙasa an tarar da jeri mai katan 10 a tsawo, 5 a faɗi, hawa 8. Wato 400 ke nan, ga kuma 8 a gefe, jimla 408. Kafin a yarda da 400 ɗin nan, wani ya hau sama ya leƙa, domin jeri yana iya cika ta waje tsakiyarsa kuwa rami ne. A sauke hawa ɗaya ko biyu daga kusurwa, a ɗaga wasu katan a ji nauyinsu, a duba gam ɗin bakinsu. Katan da aka buɗe aka zare ƙulli biyu aka sake liƙewa yakan nuna gam iri biyu, ko ya lotsa idan aka danna. Da aka tabbatar 408 ne, giɓin 12 ke nan. Yanzu sai a koma littafin fitar da kaya a bi shi shafi-shafi daga ƙidayar ƙarshe. A nan aka ga takardar ranar Asabar da yamma, katan 10 sun fita da sa hannun direba, amma ba a shigar a kwamfuta ba saboda an ɗauke wuta. Saura 2. Shugaban 'yan dako ya nuna su a bayan ƙofa, ruwan sama ya jiƙa su aka ware, ba wanda ya rubuta. Akanta ya shigar da 10 ɗin, ya rubuta 2 a matsayin lalatattu da amincewar manaja, lissafi ya koma 408, sabon mai sito ya karɓi 408.

Ku lura babu ɓarawo a wannan misalin, amma da ba a ƙirga ba, ƙarshen wata katan 12 suna wuyan mutumin da bai taɓa ganinsu ba. Daga nan sai a ce za a cire a albashinsa. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda a yanke albashin ma'aikaci saboda asara haka kawai ba. Sai asarar ta zo ta ganganci ko sakacinsa, kuma sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Wanda bai yi ƙidayar miƙa aiki ba, da me zai nuna cewa sakacin na sabon ne?

Kayan buhu suna da nasu salon. Shinkafa ko sukari mai kilo 50, a zaɓi buhu ɗaya cikin kowane 20 daga wurare daban-daban a ɗora a sikeli, a duba ɗinkin bakin ko na inji ne ko an sake shi da hannu. Mai kuma a duba murfin jarka. Duk abin da ke da ranar lalacewa, madara da tumatirin gwangwani da makamantansu, a rubuta ranar a gefen adadin, wanda ya rage masa ƙasa da wata uku a ware shi a layi na daban domin ya fara fita. Idan wani giɓi ya ƙi warwaruwa a ranar, kada a tilasta wa lissafi, kuma kada a ce wa sabon "sa hannu kawai, za mu duba daga baya". A rubuta adadin da aka gani da ido, a rubuta giɓin a gefe da sunan lokacin tsohon, mutum ukun su sa hannu a kowane shafi, kowa ya tafi da kwafinsa.

Sai an yi wannan za a ba shi makulli, kuma na sabon kwaɗo. Tsohon kwaɗo ba wanda ya san makullai nawa aka yanka masa a shekarun da ya yi. A buɗe sabon daga kwalinsa a gabansa. Makulli ɗaya nasa ne, sauran a sa a ambulan a liƙe, shi da manaja su sa hannu a kan bakin liƙin, a ajiye a sef. Duk ranar da larura ta sa aka yage ambulan ɗin, a rubuta wanda ya buɗe da dalili, a kuma sake ƙirga abin da aka taɓa.

Alhamis da Juma'a ya fara aiki da hannunsa, amma kaɗan-kaɗan. Ya fitar da kaya na ƙananan takardu da kansa, abokin da aka haɗa shi da shi yana tsaye. Mota ta farko da za ta kawo kaya ya karɓe ta da wani a gefensa, ya koyi ƙirga kaya suna sauka, ba bayan an jera ba, ya kuma koyi rubuta ragi ko lalacewa a kan takardar direba kafin ya sa hannu, domin bayan mota ta bar harabar ba mai saurarensa. Kowace yamma ya zaɓi kaya iri biyar masu saurin fita ya ƙirga, ya kwatanta da kwamfuta, ya kai wa akanta. Wannan ba ya wuce minti 20, kuma a nan ake gane ko ya fahimci aikin. Idan adadin da ya shigar ya ninka na gaskiya sau 20, ko na gaskiya ya ninka nasa sau 20, ya rikita ƙulli da katan wajen shigarwa. Idan kullum kwamfuta ta fi ƙasa yawa, yana tara takardu ne sai yamma wasu suna sulluɓewa. Duka biyun gyaran minti biyar ne a makon farko. Kada a tura shi banki, ko karɓo bashi, ko rakiyar mota zuwa wani gari a wannan makon, ko da hannu ya yi ƙaranci.

Kafin a tashi ranar aiki ta ƙarshe a makon, manaja ya zauna da shi rabin sa'a, da takardar tsarin a gabansu. A bi ta layi-layi, abin da ba a yi ba a sa masa rana da sunan wanda zai yi. Kada a tambaye shi "komai lafiya?", domin amsar "lafiya lau" ce ko da rufi na zuba a kansa. A tambaye shi wane ne ya nemi kaya ba takarda a makon nan, wace ƙofa ce ba ta rufuwa da kyau, wane kaya ne yake ganin an jera inda bai dace ba. A faɗa masa ranar da za a yi ƙidaya ta gaba, da ranar da wa'adin gwajinsa zai cika, da abin da za a duba a ranar. Takardar ta shiga fayil ɗinsa tare da ta ƙidaya da ta kayan aiki.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu jami'an kula da ma'aikata, akantoci da masu binciken sito.